Yadda ake tsara littafin adashi idan akwai asusun bashi a ciki

"Ni ce marubuciyar ƙungiyarmu, mu mata 12 ne a unguwa ɗaya. Duk Juma'a muna zuba adashin naira 5,000, sannan muna da asusu da kowa ke saka abin da ya sawwaƙa, muna ba junanmu bashi daga ciki, mu raba kafin azumi. Bara da muka zo rabo kuɗin akwati bai kai na littafi ba, har aka ɓata da juna. Yaya zan tsara littafin bana?"

'Yar'uwa, na daɗe ina riƙe wa ƙungiyoyin mata littafi, na kuma zauna a wurin rabo da dama inda aka tashi ana hawaye. Mafi yawan giɓin da na bi diddiginsa ba sata ba ce. Kuɗi iri biyu ne aka zuba a jaka ɗaya, aka rubuta su a shafi ɗaya, alhali kowanne halinsa daban. Kuɗin adashi baƙo ne, ba ya kwana: abin da aka tara ranar Juma'a, ranar nan mai kwasa za ta ƙulle shi a bakin zane ta tafi, shafinsa ya koma babu ko sisi. Kuɗin asusu kuwa ɗan gida ne, yana kwana, yana fita bashi yana dawowa, yana ƙaruwa har ranar rabo. Da zarar an taɓa na biyun an cike na farkon ba a rubuta ba, littafi ya fara ƙarya, kuma ba za a gane ba sai bayan watanni, lokacin da babu mai iya tuna abin da ya faru.

Don haka ki sayi littafi mai bangon kwali, ki bi shafukansa ki sa musu lamba tun daga farko har ƙarshe don kada wani ya fita ba a sani ba, ki raba shi gida uku: na adashi, na asusu da bashi, sai na rufe lissafin mako. Da biro ake rubutu, ban da fensir. Idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a rubuta daidai a gefe, shugaba ta sa hannu. Jakunkunan kuɗin ma su zama daban-daban, in da hali launinsu ya bambanta.

Shafin adashi

Zagaye ɗaya shafi ɗaya. Ki jera sunaye 12 daga sama zuwa ƙasa bisa jerin kwasa, ki ja layuka 12 a tsaye, kowane layi da kwanan watan Juma'arsa. Wadda ta zuba, ki rubuta 5,000 a gidanta. Kada ki yi alamar maki kawai, domin ranar da wata ta kawo 3,000 ta ce za ta ciko da yamma, maki ba zai nuna hakan ba. A ƙasan kowane layi jimla ta zama 60,000, a ƙarƙashinta sunan wadda ta kwasa da sa hannunta ko dangwalenta. Masu rabin hannu, wato mata biyu da suka haɗa 2,500 kowacce suka riƙe lamba ɗaya, ki ba kowacce layinta, domin in ɗaya ta gaza a san wacece. Idan uwar adashi tana da wani abin da ake cire mata, ko tukwici ne, a rubuta adadinsa a saman shafin tun ranar farko.

Akwai wani abu da yawancin marubuta ba sa sakawa, kuma shi ne ya fi amfani. A ƙarshen layin kowace mace ki bar gida ɗaya na abin da ya rage a kanta. Adashi bashi ne da ake ba juna bi da bi, ko da ba a kira shi da wannan sunan. Ɗauki mai lamba 2. A mako na huɗu ta zuba 20,000, ta riga ta kwashi 60,000, saboda haka ƙungiya na bin ta 40,000. Mai lamba 10 ita ma ta zuba 20,000 amma ba ta karɓi komai ba, ita ce ke bin ƙungiya. A ido su biyun sun yi zubi huɗu-huɗu, amma ɗaya bashi ake bin ta, ɗaya kuwa ajiya ta yi.

Yanzu a ce mai lamba 2 ta daina zuwa daga mako na biyar. Kowace kwasa daga nan har ta 12 za ta zo 55,000. Mata takwas ke nan, kowacce ta yi asarar 5,000, su kuwa masu lamba 1 da 3 da 4 sun riga sun karɓi nasu cif. Nauyin duka ya faɗa kan na baya, waɗanda dama su ne suka fi haƙuri. A nan ne kunya take shiga. Mai kwasar ranar tana tsaye, ta riga ta yi wa mai shago alkawari, sai shugaba ta ce a ɗauko 5,000 a asusu a cika mata, in waccan ta zo a mayar. Niyyar mai kyau ce, amma in aka yi haka sau takwas ba a rubuta ba, ga giɓin 40,000 nan yana jiran ranar rabo. Ban hana a cika daga asusu ba in ƙungiya ta yarda. Sharaɗin shi ne a buɗe wa wadda ta gaza shafin bashi a take, da sunanta, a rubuta cewa asusu ya biya mata zubin mako kaza.

Game da jerin kwasa, ƙuri'a ta fi kawo zaman lafiya, amma ni ba na saka sabuwar shiga a cikinta. Sabuwa tana karɓar lamba daga cikin na ƙarshe har ta kammala zagaye ɗaya, kuma duk wadda za ta kwasa a lambobi huɗu na farko sai wata daga cikin na baya ta tsaya mata, a rubuta sunan mai tsayawar kusa da nata. Tunda shekararku tana ɗaukar zagaye kusan huɗu, ki juya jerin: wadda ta zo ƙarshe a wannan zagayen ta dawo gaba a na biye. Wannan ya ƙara zama dole tun 2024, shekarar da hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, domin 60,000 ɗin da aka karɓa a makon farko ya fi na mako na 12 saye a kasuwa. Musayar lamba kuwa, idan suna ko biki ko jinya ta taso, a rubuta ta a ƙasan shafin da kwanan wata, su biyun su dangwala. Musayar da aka yi da baki a bakin famfo ita ce ke haifar da mata biyu su miƙo hannu a Juma'a ɗaya.

Asusu: a ƙirga hatimi

Tsarin da nake bi a nan asalinsa daga Nijar yake, daga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, wanda daga baya ya bazu ƙasashe da yawa. Maimakon kowa ta saka abin da ta ga dama, wannan 700, waccan 1,850, sai a yanka farashi ɗaya, a ce naira 500, wanda ba ya canjawa har ƙarshen shekara. Wannan shi ne kuɗin hatimi ɗaya, kowace mace tana iya sayen ɗaya zuwa biyar a zama guda. Kowacce tana da ƙaramin kati ko ɗan littafi nata, a buga mata hatimi ɗaya a kan kowace 500, gidajen da ba ta saya ba a soke su da layi don kada a cike su daga baya. Ke kuma a babban littafi ki rubuta adadin hatimin da kowa ta saya a makon. Ko wadda ba ta yi boko ba tana iya ƙirga hatiminta da yatsa, ta san abin da take da shi.

Iyakar nan ta biyar tana da dalili. Ba don ita ba, mai hali za ta iya zama shekara guda ba ta saka komai ba, sai ana saura mako biyu rabo ta juye kuɗi masu yawa, ta ci ribar da kuɗin wasu suka yi wata goma suna nemowa.

Kuɗin taimako, irin naira 100 da ake tarawa don rasuwa ko gobara ko haihuwa, jakarsa daban, layinsa daban. Kyauta ake bayarwa daga cikinsa, ba ya shiga bashi, ba ya shiga rabo.

Bashi

Kowane bashi da shafinsa ko rabin shafi: suna, ranar karɓa, adadi, ranar da za a gama biya, mai tsayawa, sannan layin kowane biya da ragowar da ta saura bayansa. Ragowar nan ki riƙa rubuta ta duk lokacin da aka biya, kada ki bari sai ƙarshe ki yi ta tarawa. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada bashi ya wuce ninki uku na abin da mace ta tara. Mai hatimi 30, wato 15,000, iyakarta 45,000. Kuma a daina ba da sabon bashi da wuri yadda na ƙarshe zai dawo ana saura wata ɗaya rabo. Idan wata ta ji nauyin a rubuta bashinta gaban jama'a, nakan tuna mata cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka.

Sai batun ƙari. A tsarin da ya yaɗu a duniya ana ɗora wani kaso a kan bashi duk wata, mu kuwa a nan mata da yawa ba za su taɓa shi ba saboda riba ce. Ƙungiyoyin da na yi aiki da su hanya biyu suke bi. Wasu bashi ba ƙari suke bayarwa, ranar rabo kowa ta ɗauki abin da ta tara. Wasu kuma ciniki suke yi: mace tana son buhun fulawa da jarkar mai, ƙungiya ta tura mutum biyu su sayo a kan 40,000, kayan su shiga hannun ƙungiya, sannan a sayar mata a kan 44,000 ta biya 11,000 duk wata har wata huɗu. Hukuncin yadda za ku tsara wannan, da batun tarar jinkirin biya, ku kai wa malamin da kuka amince da shi kafin ku fara. Abin da ya shafi littafi shi ne ki rubuta kuɗin saye da farashin sayarwa a gida biyu daban, ki manna rasit, kuma farashin da aka yanka ba ya ƙaruwa don an yi jinkiri. Ribar 4,000 ɗin nan kada ki lissafa ta cikin abin rabo sai ta shigo hannu.

Rufe lissafin mako

Wannan shi ne aikin da in an yi shi, ranar rabo ba ta zuwa da mamaki. Minti goma ne. Kafin kowa ta tashi, ki ɗauki kuɗin da aka rufe da shi makon jiya, ki ƙara abin da ya shigo yau, ki cire abin da ya fita, sannan mutum biyu su ƙirga kuɗin jaka a kan tabarma gaban kowa. A ce an buɗe da 74,000. An sayi hatimi 34, wato 17,000. An biya bashi 22,000, tarar makara ta kawo 400, an ba da sabon bashi 30,000. Littafi ya ce 83,400. Idan masu ƙirga suka ce 83,400, shugaba ta faɗi adadin da ƙarfi sau biyu, ta kuma faɗi jimlar bashin da ke waje, kowa ta riƙe a ka. Mako mai zuwa kafin a buɗe akwati sai a tambaya nawa aka rufe da shi. Akwatin kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, shi kansa akwatin a ɗakin ta huɗu, littafin kuma a cikinsa yake kwana. Ki ɗauki hoton shafin da waya kafin a rufe.

Idan bai yi daidai ba, adadin giɓin kansa yakan nuna inda matsalar take. Na taɓa zama da wata ƙungiya da suka ƙirga suka samu 5,000 ta yi ƙasa, aka fara kallon ma'aji, ita kuma idonta ya ciko. Na ce a duba shafin adashi na ranar. Zubi 11 ne aka rubuta, amma mai kwasa ta dangwala a kan cikakken kuɗi. An cika mata daga jakar asusu ana tsakiyar hayaniyar yara, ba wanda ya lura. Giɓin da ya yi daidai da zubi ɗaya, a fara nemansa a can. Giɓin 500 ko 1,000 yawanci hatimi ne aka buga ba a karɓi kuɗinsa ba. In giɓin ya zama ninki biyu na wani adadi da ke shafin, an rubuta shi a ɓangaren da ba nasa ba, kamar bashin da ya fita a sa shi cikin abin da ya shigo. In kuma giɓin yana rabuwa da 9 ba saura, ki duba ko lambobi ne suka juya, kamar a rubuta 5,400 a maimakon 4,500, bambancinsu 900.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mata da yawa suka koma turo kuɗi ta waya, wannan kuma ya buɗe wata sabuwar kafa. Kuɗin yana shiga asusun bankin ma'aji, ya gauraya da na cefanenta. Ki raba gidan rufewa biyu, na akwati da na banki, kuma kada a buga hatimi a kan hoton rasit sai an ga kuɗin ya shiga. Cajin mai POS idan an je ciro kuɗi, a rubuta shi a matsayin kashewa a ranar. Naira ɗari biyu ko uku ne, amma a mako 48 yana taruwa.

Ranar rabo

Ga misali cikakke. An yi mako 48. Aka tattara katunan mata 12, aka ƙirga hatimi, aka gwada da na babban littafi, suka zo 1,600. Asalin abin da aka tara ke nan 800,000. A akwati da banki akwai 860,000, sannan akwai ragowar bashin 20,000 a kan mace ɗaya mai sayar da kayan miya, wadda take da hatimi 100. Dukiyar asusu ita ce kuɗin hannu haɗe da wannan bashin, 880,000, tunda rabonta ya isa ya biya shi. Sai a raba 880,000 gida 1,600, kowane hatimi ya tashi a 550.

Daga nan lissafin kowa ninkawa ce kawai. Mai ɗinki da ta sayi biyar duk mako tana da 240, za ta karɓi 132,000. Mai ƙosai tana da 60, za ta karɓi 33,000. Mai kayan miya rabonta 55,000, a cire 20,000 da ake bin ta, a miƙa mata 35,000, a soke shafin bashinta gaban kowa. Kada a miƙa wa kowa ko sisi sai an jera rabon duka 12 a ƙasa, kowanne da takardar suna a kai, an ga jaka ta ƙare daidai. Idan kuɗi ya ƙare saura mutum ɗaya, ko ya yi ragowa mai yawa, a mayar a sake lissafi. Karɓo kuɗi daga hannun wadda ta riga ta ƙulle shi abu ne mai wuya.

Kuskure biyu nake yawan gani a nan. Na farko, a raba kuɗin hannu kaɗai a manta da bashin: 860,000 gida 1,600 ya ba da 537 da sulai biyar, kowa ta yi asara, mai bashin kuma ta karɓi rabonta cikakke ta tafi da alkawarin za ta kawo. Na biyu, a mayar wa kowa abin da ta tara, sannan a raba ribar 80,000 daidai wa daida tsakanin mutum 12. Kowa za ta samu kusan 6,670. Mai ɗinki da ya kamata ta samu 12,000 an tauye ta, mai ƙosai da nata 3,000 ne ta samu fiye da ninki biyu. Idan ƙungiya ta zaɓi haka da gangan don a tallafa wa marasa ƙarfi, wannan shawararku ce, amma a rubuta ta a shafin farko ranar buɗe shekara, kowa ta dangwala. Ba a yanke irin wannan magana da kuɗi a baje a tabarma.

Abin da ya fi wuya shi ne bashin da ya fi rabon mai shi. Mace tana da hatimi 30, ana bin ta 40,000, ba ta da abin biya. A nan ba a saka bashin cikin dukiyar rabo. A soke hatiminta 30 a kan asalin kuɗinsu, 15,000, bashin ya dawo 25,000. Sai a raba kuɗin da ke hannu a kan hatimin da suka rage. Wannan 25,000 a buɗe masa shafi a ƙarshen tsohon littafi, tare da adadin hatimin kowa na shekarar, domin duk ranar da ita ko mai tsaya mata ta biya, na mutanen bara ne, a raba musu bisa hatiminsu. Ba ya shiga asusun bana, inda wataƙila akwai sababbin shiga da ba su yi asarar komai ba. Littafi iyakarsa ya nuna wa ake bi da nawa. Karɓo kuɗin aikin mai tsayawa ne da dattawan ƙungiya, wani lokaci har da mai unguwa.

Shi kuwa giɓin bara, kada ki ɗauko shi ki zuba a sabon littafi. Ku zauna ku huɗu, ke da shugaba da ma'aji da wata da kowa ya yarda da ita, ku bi tsohon littafin Juma'a bayan Juma'a, kuna neman makon da zubin adashi bai cika ba amma aka yi cikakkiyar kwasa, da bashin da aka ce an biya ba a rubuta ranar biyansa ba. Abin da kuka gano a rubuta shi da sunan mai shi. Abin da ya gagara a faɗi adadinsa a gaban kowa, a amince an yafe ko za a raba asararsa, a rubuta hakan, a ja layi biyu a ƙarƙashi. Sabon littafin ya fara da kuɗin da aka ƙirga a tabarma ranar buɗewa.